Rubutu Kan Lafiya Da Kuɗi: Wa Ya Rubuta, Wa Ya Duba, Kuma Yaushe?

BAUCI: A ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin bankin Heritage, ya kuma damƙa shi a hannun Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Ƙasa, wato NDIC. Tambayar da ke bakin duk mai ajiya a bankin a wannan rana ɗaya ce: nawa inshora za ta biya ni? Wanda ya nemi amsa a wata tsohuwar maƙala ya tarar da Naira 500,000. Wanda ya dace da sabon rubutu kuwa ya tarar da Naira miliyan 5, domin wata guda kafin nan hukumar ta ɗaga adadin. Dukkan marubutan biyu na iya zama ƙwararru, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya a ranar da ya yi rubutunsa. Abin da ya raba su shi ne lokaci.

Wannan ne ya sa gidajen jaridu da cibiyoyin da suka san abin da suke yi suke ɗora abubuwa biyu a kan duk wata maƙala da ta shafi lafiya ko kuɗi. Na farko shi ne taƙaitaccen tarihin marubuci, mai nuna ko shi wane ne da abin da ya ba shi ikon yin magana. Na biyu shi ne bayanin bita, mai nuna wanda ya duba rubutun, da ranar da ya duba, da abin da ya gwada shi da shi. Batun ya shafi 'yan kasuwar Bauci ta fuska biyu. Su ne masu karanta irin waɗannan rubuce-rubuce kafin su ajiye kuɗi ko su sayi magani. Wasunsu kuma su ne masu buga su, kamar masu asibitocin kuɗi, da kantunan magani, da ofisoshin akantoci da na inshora da ake samu a unguwar GRA da sauran sassan birnin, waɗanda ke raba wa abokan hulɗarsu takardun faɗakarwa.

Laƙabi ba shaida ba ne

Abu na farko da yake ruɗar mai karatu shi ne laƙabi. Kalmar Dakta a ƙasar nan tana ɗaukar mutum huɗu aƙalla: likitan mutane, da likitan dabbobi, da mai digiri na uku a kowane fanni na ilmi, da kuma wanda wata jami'a ta bai wa digirin girmamawa. Idan aka ga maƙala kan hawan jini da sunan Dakta Wane kaɗai, ba a san ko wanne daga cikin huɗun nan ne yake magana ba. Haka nan kalmomi irin su masani, ko ƙwararre, ko mai sharhi kan harkokin kuɗi, babu wata hukuma da ke bayar da su, saboda haka babu kuma wadda za ta iya ƙwace su.

Tarihin marubuci mai amfani shi ne wanda za a iya bin sawunsa. A fannin lafiya, Majalisar Kula da Aikin Likitoci ta Nijeriya, MDCN, ita ce mai yi wa likitoci rajista, kowa da lambarsa, tana kuma ba su lasin aiki wanda ake sabuntawa kowace shekara. Masu harhaɗa magunguna suna ƙarƙashin hukumar PCN. Likitan da ya ƙware a wani reshe yakan ɗauki haruffa irin su FWACP ko FWACS daga kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma, ko FMCP daga kwalejin ƙasa. A fannin kuɗi, akantan da ke ɗauke da ACA ko FCA ɗan cibiyar ICAN ne, wadda doka ta kafa a 1965, mai CNA ɗan ANAN ne, mai ACIB kuma ɗan cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN. Wanda ke ba jama'a shawara kan zuba jari a matsayin sana'a, wajibi ne ya yi rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, wadda ke wallafa sunayen waɗanda ta amince da su.

Amfanin waɗannan haruffa ba ado ba ne. Kowannensu yana nuna wata hukuma da ke da littafin rajista, wadda za a iya tambaya, wadda kuma za ta iya ladabtar da ɗanta idan ya yi ha'inci. Shi ya sa tarihin da ya ce marubucin likitan yara ne mai rajista da MDCN, yana aiki a asibiti kaza tun shekara kaza, ya fi wanda ya jera laƙabi biyar ba tare da ambaton hukuma ko ɗaya ba. A gari kamar Bauci, inda likitoci da yawa suka san juna ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ambaton wurin aiki kaɗai ya isa ya sauƙaƙa bincike.

A nan akwai wani kuskure da ya jawo wa mutane asara mai yawa, wato ɗaukar takardar rajistar kamfani a matsayin izinin karɓar kuɗin jama'a. Takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, tana nuna cewa kamfani ya wanzu a idon doka ne kawai. Ba ta nuna cewa Babban Banki ya ba shi lasin karɓar ajiya, ko SEC ta amince ya juya jarin mutane. Lokacin da dandalin CBEX ya durƙushe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, SEC ta bayyana cewa ba shi da rajista da ita. Marubucin da ya yabi wani tsarin zuba jari da hujjar cewa yana da takardar CAC, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa ya sani yana ɓoyewa.

Takarda da gogewa

Shaidar karatu aba ce guda, gogewa kuma aba ce dabam, kuma kowacce da iyakarta. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal ya fi akanta sanin watan da farashin masara ke faɗuwa da abin da ajiya ke ci. Idan ya yi rubutu a kan wannan, shekarunsa a kasuwa su ne shaidarsa, kuma su ya kamata a rubuta. Amma gogewar nan ba ta ba shi ikon fassara dokar haraji ba. Haka ma mai ciwon sukari na shekara goma yana da ta cewa a kan tsadar magani da wahalar bin ƙa'idar abinci a lokacin tafiya, amma ba shi ne zai faɗa wa wani yawan allurar da zai yi wa kansa ba.

Ita ma takardar tana da iyaka. Likitan ƙashi likita ne na gaskiya, amma maƙalarsa kan maganin mai juna biyu tana bukatar idon likitan mata. Akanta mai binciken littattafan kamfanoni ba lalle ne ya san hannun jari ba. Abin lura a tarihin marubuci shi ne ko fannin da aka ambata ya dace da batun da aka rubuta.

Akwai kuma jimla guda da mawallafa suka fi ƙyamar rubutawa, alhali ta fi sauran amfani ga mai karatu, wato wadda ke nuna ko marubucin yana da wata moriya a cikin abin da ya rubuta. Mai kantin magani da ya yi rubutu kan wani maganin ƙarin jini da yake sayarwa, ko wakilin inshora da ke cin la'ada a kan duk wanda ya shigo ta hannunsa, ba laifi ba ne su yi rubutu. Laifin shi ne a bar mai karatu ya ɗauka cewa ɗan ba-ruwanmu ne ke magana.

Misali daga ajiyar banki

Tarihin marubuci yana amsa tambayar wa. Bayanin bita shi ke amsa tambayar yaushe, kuma inshorar ajiya ta ishe mu misali. An kafa NDIC da dokar 1988, zamanin da marigayi Alhaji Abdulƙadir Ahmed, ɗan Jama'are a Jihar Bauci, yake gwamnan Babban Banki, ta kuma fara aiki a 1989. A lokacin, mafi yawan abin da take biyan mai ajiya idan banki ya rushe shi ne Naira 50,000, kuma a kan wannan adadi aka biya mutane sa'ad da aka rufe bankuna 26 a watan Janairun 1998. An ɗaga shi zuwa Naira 200,000 a 2006, sannan zuwa Naira 500,000 a 2010. A watan Mayun 2024 aka mai da shi Naira miliyan 5 ga bankunan kasuwanci, na ƙananan bankunan lamuni kuma ya tashi daga Naira 200,000 zuwa Naira miliyan 2.

A ce wani ofishin akantoci a GRA ya buga wa abokan hulɗarsa maƙala a kan wannan batu a 2019, yana kuma ci gaba da raba ta har yau ba tare da kwanan wata ba. A ce kuma wani mai sayar da kayan gini yana da Naira miliyan 7 a wani bankin kasuwanci, miliyan 4 a asusun ajiya da miliyan 3 a asusun yau da kullum, duka da sunansa, da kuma Naira miliyan 3 a wani ƙaramin bankin lamuni. Idan ya bi tsohuwar maƙalar, zai ɗauka cewa Naira 700,000 kaɗai ke da kariya cikin miliyan 10, kuma tsoro na iya sa shi kwashe kuɗin ya kai shago ko gida, inda gobara da ɓarawo ba su san inshora ba. Bisa adadin 2024 kuwa, miliyan 7 ne ke da kariya: biyar a babban bankin, biyu a ƙaramin.

Akwai kuskure na biyu da sabuwar maƙala ma za ta iya yi, idan ba wanda ya san dokar ya duba ta. Marubuci zai iya cewa inshora tana biyan miliyan 5 a kan kowane asusu. Da haka ne, da asusun miliyan 4 da na miliyan 3 duk sun tsira. Amma ƙa'idar ita ce kowane mai ajiya a kowane banki, wato ana haɗa asusan mutum na banki ɗaya a lissafa su tare. Ɗan kasuwar nan yana da Naira miliyan 2 a babban bankin da inshora ba ta rufe ba. Idan kuma bankin yana bin sa bashi, sai an cire bashin kafin a yi lissafi.

Me ke faruwa da ragowar? Ana biyan ta ne daga abin da aka samu ta sayar da kadarorin bankin da karɓo basussukansa, kashi-kashi. A shari'ar Heritage, kashin farko da NDIC ta sanar a watan Afrilun 2025 ya kama kwabo 9.2 a kan kowace Naira. Da ɗan kasuwarmu a wannan banki yake, da ya karɓi miliyan 5 ɗinsa, sannan Naira 184,000 a kashin farko daga cikin ragowar miliyan 2, bayan jiran wata goma da 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da sauraren kashi na gaba. Wannan shi ne lissafin da zai sa mutum ya raba kuɗinsa tsakanin bankuna biyu masu lasi. Maƙalar da ta kuskure kalma ɗaya, ta ce asusu maimakon mai ajiya, ta hana shi ganin haka.

Bayanin bita da ya dace da irin wannan maƙala bai wuce layi uku ba. Zai faɗi sunan wanda ya duba da matsayinsa, ya ce an gwada alƙaluman da sanarwar NDIC ta watan Mayun 2024, ya ba da ranar dubawa, ya kuma ce za a sake dubawa a wata kaza ko da zarar hukumar ta sauya adadin. Mai karatu a Bauci da ya yi shakka yana iya tambaya a ofishin shiyya na hukumar da ke cikin birnin.

Haka abin yake a magani

Ilmin likitanci ma yana tsufa. Shekaru da dama kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida, har ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2005 Nijeriya ta koma ga haɗaɗɗen maganin da ake kira ACT. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A ƙarshen 2022 kuma ta sauya shawararta game da masu juna biyu a watanni ukun farko, inda ta fifita nau'in ACT mai haɗin atimita da lumefantirin a kan kwinin da ake ba su a da. Likitan da ya rubuta maƙala a 2003, da wanda ya rubuta a 2015, da wanda ya rubuta a 2023, za su faɗi abubuwa uku mabambanta, dukkansu da lasi a hannu.

Mai bita a nan yana duba abin da idon edita ba zai kama ba. Shi wannan haɗin ana shan sa sau shida ne cikin kwana uku, kuma yawan ƙwayoyin ya dogara da nauyin jiki: babba mai kilo 35 ko fiye yana shan ƙwaya huɗu ta ƙaramin nau'in a kowane sha, ƙaramin yaro kuwa ɗaya. Akwai kuma nau'in da ƙwaya guda ke ɗauke da ƙarfin huɗun nan. Maƙalar da ta ce a sha huɗu ba tare da ta faɗi nauyi da nau'i ba, ta buɗe ƙofar haɗari. Illar shawarar da ba ta da mai ita kuwa an gan ta a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, sa'ad da saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya zagaye ƙasa cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

A Birtaniya, hukumar lafiya ta NHS tana rubuta ranar bita ta ƙarshe da ranar bita ta gaba a ƙarshen bayananta na lafiya, kuma tazarar ba ta wuce shekara uku. Rubutun kuɗi a Nijeriya ba zai jure wannan tazara ba. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya tashi daga kashi 18.75 cikin ɗari a farkon 2024 zuwa 27.5 a watan Nuwamba na shekarar. Maƙalar da ta ƙunshi farashi ko kuɗin ruwa tana bukatar dubawa duk bayan 'yan watanni, wadda ta ƙunshi doka kuma duk lokacin da dokar ta motsa.

Inda ake samun matsala

Bayanin bita ma ana iya yin na jabu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sauya kwanan wata a bar rubutun yadda yake. Ana gane wannan daga cikin rubutun kansa. Maƙalar da ke ɗauke da kwanan watan bana amma tana cewa harajin VAT kashi 5 ne, alhali ya koma 7.5 tun watan Fabrairun 2020, ba wanda ya duba ta. Haka wadda ke lissafa bankunan da suka daɗe da shuɗewa, kamar Inland Bank na Bauci wanda ya narke cikin First Inland a haɗakar bankuna ta 2005 zuwa 2006, daga baya FCMB ya saye magajinsa. Wata alamar ita ce suna ɗaya a kan komai, wato likita guda ya duba maƙalar ido da ta haihuwa da ta ƙwaƙwalwa duk a rana ɗaya. Ta uku ita ce marubuci ya zama shi ne mai bitar kansa.

Masu bugawa da Hausa suna da ƙarin nauyi. Sau da yawa ƙwararren Turancin ya duba, sai a fassara a ɗora sunansa a kan Hausar da bai taɓa gani ba. A wajen fassara ne miliyan ke komawa biliyan, cokalin shayi ya koma cokalin cin abinci, ribar shekara ta koma ta wata. Idan mai bitar bai karanta Hausar ba, gaskiya ita ce a rubuta cewa asalin ya duba, ko a samo wani ƙwararre mai jin harshen ya duba fassarar. Sannan tun da yawancin rubutu yana yawo ne a waya a matsayin hoto ko saƙon murya, inda ake yanke ƙasan takarda, ya fi kyau a sa suna da kwanan wata a sama, kusa da kanun. A rediyo kuma a faɗe su da baki a farkon shiri da ƙarshensa.

Ga ɗan kasuwa mai son buga irin wannan rubutu da sunan kamfaninsa, aikin bai da yawa. Ya nemi kwafin lasin bana ko shaidar zama mamba daga marubuci da mai bita, ya adana su. Ya karɓi amincewar mai bitar a rubuce a kan kwafin ƙarshe, ba a kan daftari ba. Ya buɗe ɗan littafi mai ɗauke da sunan kowace maƙala, da alƙaluman da ke cikinta, da ranar da za a sake duba ta. Idan an yi gyara, a faɗi abin da aka gyara da ranar, domin wanda ya karanta tsohon ya sani. Maƙalar da ranarta ta wuce kuma ba a samu mai duba ta ba, a janye ta daga kan teburin baƙi.

Duk da haka, ko da an cika waɗannan sharuɗɗa, maƙala ba ta san nauyin yaron mai karatu ba, ba ta kuma san bashin da banki ke bin sa ba. Abin da suna da kwanan wata ke tabbatarwa shi ne cewa akwai mutum sananne da ya ɗauki alhakin bayanin a wata rana sananniya, kuma akwai hukumar da za a kai ƙararsa. Hukunci a kan mutum ɗaya da kuɗinsa ko jikinsa yana nan a ɗakin likita da ofishin akanta.